Gwiwar da ke cikin zanen: ina riba take farawa, ina hasara take tsayawa

Duk wanda ya buɗe manhajar sayen hannun jari a Amurka ko Birtaniya ya leƙa sashen da aka rubuta Options, zai ci karo da wani ɗan zane: layi ne da ya taho a kwance, can sai ya karye ya miƙe sama ko ya gangara ƙasa, kamar gwiwar hannu. Mutane da yawa suna wuce shi su danna maɓallin saye. A ganina wannan zanen ya fi duk rubutun da ke shafin faɗin gaskiya, domin shi ne yarjejeniyar kanta an mayar da ita hoto.

Abin da ake ciniki a nan haƙƙi ne, kuma iri biyu ne. Wanda allo ke kira Call haƙƙin saye ne: ka biya wani kuɗi yau don a ba ka damar sayen hannun jari a wani ƙayyadadden farashi kafin wa'adi ya cika. Wanda ake kira Put haƙƙin sayarwa ne a ƙayyadadden farashi. Wanda ya sayi haƙƙin shi ne Long, wanda ya sayar da shi kuma Short. Mai saye yana da zaɓi, in ya ga dama ya yi amfani da haƙƙinsa, in ya ga dama ya bar shi ya mutu. Mai sayarwa ba shi da zaɓi: ya karɓi kuɗi, sai ya zauna ya jira abin da wancan zai yanke.

Bahaushe ya san wani abu mai kama da haka, wato kafin alƙalami. Ka ga fili, ka ajiye wani abu don a riƙe maka shi zuwa ƙarshen wata, in ka fasa kuɗin ya tafi. Bambancin shi ne kafin alƙalami yana shiga cikin kuɗin filin in ciniki ya faɗa, amma kuɗin haƙƙi, wanda allo ke kira Premium, ba ya rage ko sisi daga farashin. Na ambaci wannan ne saboda malamai sun tsaya a kansa: Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa irin wannan yarjejeniya yadda ake yin ta a kasuwanni ba ta halatta ba. Ba aikina ba ne ba da fatawa, mai son shiga ya tambayi malaminsa. Amma ɗalibin lissafin kuɗi da ma'aikacin banki duk sai sun iya karanta zanen, haka ma wanda ɗan'uwansa ke ƙoƙarin jawo shi ciki.

Layin kwance na ƙasan zanen farashin hannun jari ne a ranar da wa'adi ya cika, yana ƙaruwa daga hagu zuwa dama. Mutane kan ɗauka lokaci ne, saboda sun saba da zanen da ke nuna hawa da saukar farashi daga Litinin zuwa Juma'a. A nan babu ranaku ko kaɗan, rana ɗaya ce tal, kuma kowane wuri a layin yana amsa tambayar "in farashi ya ƙare a nan fa?" Layin tsaye kuma riba ne a saman sifili, hasara a ƙasansa.

Mu ɗauki misali. Hannun jarin wani kamfani yana dala 50. Ka sayi haƙƙin saye a farashin yarjejeniya, wato Strike, na dala 50, wa'adi wata guda, ka biya dala 3 a kowane hannu. A kasuwar Amurka yarjejeniya ɗaya tana ɗauke da hannun jari 100, saboda haka dala 300 ce ta bar aljihunka. In ranar wa'adi farashi ya faɗi zuwa 45, ba za ka sayi abu a 50 alhali yana 45 a kasuwa ba, sai ka bar haƙƙin, ka yi hasarar 300. In ya faɗi zuwa 30, hasarar dai 300 ce. Ko kamfanin ya rushe gaba ɗaya, 300 ɗin ce. Shi ya sa ɓangaren hagu na zanen yake kwance a ƙasan sifili: yankin da mai haƙƙi ya juya baya ya tafi ke nan, farashi ya daina shafarsa. Daga 50 zuwa sama kuwa, duk dala ɗaya da farashi ya ƙara dala ɗaya ce a kowane hannu, sai layin ya fara hawa. Wurin da ya karye ɗin, daidai kan 50, shi ne inda shawarar mai haƙƙi take sauyawa daga "na fasa" zuwa "zan saya". A littafi za ka ga an rubuta shi haka, inda S ke nufin farashin ranar wa'adi, K farashin yarjejeniya, p kuma kuɗin haƙƙi:

```
max(S - K, 0) - p
```

Kalmar max ɗin nan, wato ka ɗauki wanda ya fi girma a cikin biyun, ita ce ta haifi gwiwar.

Kuskuren da na fi gani, har a wurin ɗaliban da suka daɗe da darasin, shi ne ɗaukar gwiwar a matsayin mafarin riba. A ce farashi ya ƙare a 52. Hasashenka ya yi daidai, kamfanin ya tashi, haƙƙinka yana da darajar dala 2 a kowane hannu, wato 200. Amma ka biya 300, don haka ka faɗi da dala 100. Layin ya riga ya fara hawa, sai dai bai fito daga ƙasan sifili ba tukuna. Sai a 53 yake tsallake sifili, nan ne ka mayar da uwar kuɗinka. Tsakanin 50 da 53 wani ɗan yanki ne da mutum ke cin hasashe ya faɗi ciniki, kuma ko a can amfani da haƙƙin ya fi barinsa, don rasa 100 ya fi rasa 300 sauƙi. In farashi ya kai 60, ka sami 1,000 a cire 300, saura 700.

A kula, zane iri biyu ne ke yawo. Wani yana nuna darajar haƙƙin kawai ba tare da cire kuɗin da aka biya ba, wani kuma yana nuna ainihin riba. Hanyar ganewa ita ce ka dubi ɓangaren da ke kwance. In ya kwanta a kan sifili daidai, ba a cire kuɗin haƙƙi ba, kuma zanen zai nuna maka kamar ba ka taɓa faɗuwa.

Yanzu ka kifar da zanen, sama ta koma ƙasa. Abin da ya fito shi ne hoton wanda ya sayar maka da haƙƙin, domin duk dalar da ka samu daga aljihunsa ta fito. Nasa layin yana kwance a saman sifili, a kan ribar 300, har zuwa 50, daga nan ya karye ya gangara. Gangaren nan ba shi da ƙarshe, saboda babu rufin da ke hana farashi hawa. In yana riƙe da hannun jarin 100 tun farko, abin da sauƙi, zai miƙa su a 50 ya rasa ribar da ke sama. In ba ya riƙe da su, dole ya saya a duk farashin da kasuwa ta ce ya ba ka a 50. A farkon Janairun 2021 hannun jarin GameStop bai kai dala 20 ba, ranar 28 ga watan ya taɓa 483 a tsakiyar ciniki. Wanda ya sayar da haƙƙin saye a 30 hannu wofi, in a ranar aka tilasta masa rufewa, giɓin da ke kansa ya haura dala 45,000 a yarjejeniya ɗaya. Zanen da ke kan waya ba ya kaiwa can, yakan yanke a gefen allo, sai ido ya ɗauka layin ma ya tsaya a nan.

Haƙƙin sayarwa juyin hagu da dama ne. Ka sayi Put a 50 ka biya dala 2, wato 200. Layinka yana kwance a dama, a hasarar 200, don in farashi ya wuce 50 ba ka da dalilin sayarwa a 50. Yana hawa ne ta hagu: a 48 ka mayar da kuɗinka, a 40 ribarka 800. Nan akwai iyaka, tunda hannun jari ba ya faɗuwa ƙasa da sifili, mafi yawan abin da za ka samu 4,800 ne. Wanda ya sayar maka kuma ya karɓi 200 ya ɗauki alkawarin sayen hannun jari 100 a dala 5,000 ko da sun zama takardar banza. Wannan ne ake yawan tallata wa mutane da sunan "kuɗin shiga kowane wata", kuma gaskiya ne watanni da yawa 200 ɗin tana shigowa lafiya. Amma faɗuwa ɗaya zuwa 30 hasarar 1,800 ce, ribar wata tara ke nan ta tafi a wata guda.

Saboda haka ba na haddace zanuka huɗu. Tambaya biyu nake yi wa kowane. Ɓangaren da ke kwance yana ƙasan sifili ne ko samansa? In ƙasa ne, mai saye ne, kuma nisansa daga sifili shi ne iyakar hasararsa. In sama ne, mai sayarwa ne, kuma iyakar ribarsa ke nan. Sannan ɓangaren da ya karkace yana dama ne ko hagu? Dama haƙƙin saye, hagu haƙƙin sayarwa.

Akwai abin da zanen ya yi shiru a kansa. Ba ya faɗin wane farashi ne ya fi yiwuwa. 53 da 80 duk wuri ɗaya ɗaya suka ci a layin, alhali zuwa 80 cikin wata guda abu ne mai wuya, shi ya sa doguwar hawan da ke dama take ruɗin ido. Kuma gwiwar mai kaifi ta ranar wa'adi ce kaɗai. Kafin ranar, darajar haƙƙin layi ne mai lanƙwasa a hankali wanda yawanci ke shawagi a saman karyayyen layin, kullum yana sauka kansa yayin da kwanaki ke ƙarewa. Dalilin ke nan da za ka ga hannun jari bai motsa daga 50 ba tsawon sati uku, amma haƙƙin da ka saya dala 3 ya koma wajen dala ɗaya da rabi.

A ranar wa'adin ma layin ba kuɗi yake zuba maka kai tsaye ba. A Amurka, haƙƙin da ya ƙare da ko senti ɗaya a ɓangaren da ya karkace ana zartar da shi kai tsaye, sai in ka ba dillalinka umarnin kada a yi. Ma'ana, in farashi ya rufe a 50.10 ranar Juma'a kana riƙe da Call ɗin nan, kana iya wayar gari Litinin da hannun jari 100 da bashin dala 5,000 a asusunka, wasu dillalan kuma su rufe maka cinikin da kansu kafin kasuwa ta tashi in sun ga kuɗinka ba zai isa ba. Daga wannan safiyar zanenka ya daina zama mai gwiwa, ya koma miƙaƙƙen layi irin na duk mai hannun jari, kuma iyakar 300 ɗin da ka dogara da ita ta tafi tare da haƙƙin.