Wayar wuta ta jabu: abin da na faɗa wa 'yan kasuwar Tudun Wada

An ba ni 'yan mintuna in yi magana a taron ƙungiyar 'yan kasuwa a Tudun Wadar Zariya, sai na ga ya dace masu karatu ma su ji. Ga abin da na ce, bayan sallama.

Shugaba, iyayena dattawa, 'yan uwana masu shaguna, na san babu wanda ya baro shagonsa don a zo a gaya masa algus haramun ne. Tun muna makarantar allo muka ji labarin mai hatsin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibinsa ya taɓo jiƙaƙƙe a ƙasa. Damuwata a yau daban ce. Yawancinmu da jabu yake shiga shagonmu ba mu muka haɗa shi ba, sarowa muka yi, kuma sau da yawa mu ma ba mu gane ba. To amma mai saye bai san dilan Alaba ko na Anaca ba. Kai ya sani, hannunka ya miƙa wa kuɗi.

Da yawa a cikinku kuna tune da ƙarshen 2008, lokacin da aka riƙa kai jarirai asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ƙodarsu ta daina aiki. Maganin haƙori ne mai suna My Pikin ya jawo haka, kuma yara 84 aka ba da rahoton sun rasu a faɗin ƙasar. Gubar ta shiga ne tun wajen haɗi, inda aka zuba wani sinadari mai kisa a madadin na gaskiya, su biyun kuwa sun yi kama a ido. Mai kemis ɗin da ya sayar bai yi nufin kashe ɗan kowa ba. Ban kuma ce zai iya ganowa a shagonsa ba, wannan aikin ɗakin gwaji ne. Amma akwai kayan da mu da kanmu za mu iya tona asirinsu da wuƙa da sikeli, kuma a kan ɗaya daga ciki nake so mu tsaya, wato wayar wuta.

Ku ɗauki waya mai lamba 2.5, wadda ake ja wa soket. Ta gaskiya jan ƙarfe ce zalla. Ta jabu iri uku ce a kasuwa. Akwai alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, akwai baƙin ƙarfe da aka yi wa irin wannan shafen, sannan akwai jan ƙarfe na gaske amma an rage masa kauri, an ƙara kaurin roba don ido ya ga ta cika. Illar dukansu ɗaya ce. Alminiyon yana ɗaukar kusan kashi 60 cikin 100 ne kawai na wutar da jan ƙarfe mai kauri ɗaya da shi zai ɗauka, baƙin ƙarfe kuwa bai ko kusa ba. Idan uwargida ta jona hita ko dutsen guga, wayar sai ta ɗau zafi a cikin bango ko saman silin, robar ta yi laushi, ta bushe, ta tsage. Wajen da aka ɗaure ta da noti a bayan soket nan ne ya fi haɗari, domin alminiyon yana saki a hankali, ɗaurin ya yi sako-sako, ya fara tartsatsi. Wannan ba ya faruwa ranar da aka saya. Sai bayan shekara ɗaya ko biyu, wataƙila cikin dare a lokacin sanyi, gida ya kama, mutane su ce wutar lantarki ce aka kawo da ƙarfi. Babu mai tuna shagon da aka sayo wayar, shi ya sa wannan zunubin yake da sauƙin ɗauka.

Ga yadda za a gane. A yanko mita ɗaya cif daga naɗin, a feɗe robar. A kankare jikin wayar da wuƙa: idan fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, shafe ne. A kusanto da mayen ƙarfe, ko na tsohuwar sifika ya isa: jan ƙarfe ba ya kamuwa, idan ta manne to baƙin ƙarfe ne. Sai a ɗora a ƙaramin sikeli irin na masu zinariya. Mita ɗaya na 2.5 na gaskiya, ba roba, yana yin giram 22 ko kusa da haka. Na alminiyon ba ya kai giram 10. Idan ja ne har ciki, bai kama mayen ƙarfe ba, amma ya tsaya a giram 16 ko 17, to an rage kauri, an sayar maka da abin da bai kai 2.5 ba a kuɗin 2.5. Mayen ƙarfen nan kada a raina shi, domin baƙin ƙarfe nauyinsa ya kusa na jan ƙarfe, yana iya wuce sikeli ba a gane ba.

Saura tsawo. A duba takardar naɗin, mita 100 aka rubuta ko yadi 100, don yadi 100 mita 91 ne da ɗan ɗoriya. A warware naɗi ɗaya a auna. Tambarin hukumar SON da ke jiki yana da amfani, sai dai mai buga jabu yana buga tambari ma.

Na san abin da ke ran wasunku: wa zai yanka naɗin da ya saya da kuɗinsa, ya rage masa tsawo? Gaskiya ne, mutum ɗaya ba zai jure ba, kuma idan ya koma wa dila shi kaɗai za a ce masa kowa haka yake saye. Nan ne amfanin ƙungiya. A ware kuɗi kaɗan daga asusu a sayi sikeli ɗaya, a ajiye littafi ɗaya a hannun sakatare. Duk sabon kaya da ya sauka, mutum uku su zo, mai kayan da wani daga layinsa da mai aikin wayarin da aka yarda da shi, a gwada a gaban juna. Ƙungiya ta biya kuɗin mitar da aka yanka. A rubuta rana, sunan da ke jikin naɗin, wurin da aka saro, lambar rasit, da giram nawa ya yi. Kada a tsaya kan naɗin saman katan, a zaro daga tsakiya, kuma a sake gwadawa a sari na biyu da na uku, domin dila mai ha'inci da kaya mai kyau yake fara kama ciniki.

Wanda kayansa ya faɗi gwaji, ina roƙon dattawa kada a kunyata shi a bainar jama'a. Idan aka tozarta mutum ɗaya, gobe kowa zai ɓoye kayansa. A raka shi da takardar ƙungiya ya mayar, a sanar da dilan cewa shaguna kaza sun daina sare a wurinsa sai ya karɓi kayansa, in ya ƙi a kai rasit da samfurin ofishin SON. Wanda kuwa aka nuna masa ya ci gaba da sayarwa da sunan jan ƙarfe, wannan ya san abin da yake yi, hukuncinsa yana hannun Shugaba.

Masu kemis kuna da naku: ku kankare wurin da aka rufe a kwalin maganin zazzaɓin cizon sauro, ku tura lambar ta saƙon waya kamar yadda NAFDAC ta tsara, tun kafin kwalin ya hau kanta, ba sai mai saye ya yi ba.

Na zo da guntayen waya guda uku da wuƙa da sikeli, suna nan kan tebur. Alhaji, ka fi mu daɗewa a harkar, bismillah, ka fara kankarewa.