A Bi Canji Ɗaya Kafin A Koma Kan Wani

A jarrabawar gwajin basira akan jera siffofi uku, a ce wa mutum ya zaɓi ta huɗu. Wasu na cewa wannan sai mai baiwa. A ganina ba haka ba ne. Abin da ke kayar da ɗalibai da masu neman aiki shi ne kallon siffar gaba ɗaya, alhali canji biyu ko uku ne ke tafiya tare, kowanne da ƙa'idarsa.

Ga misali. An zana tuta, kan sandarta yana sama, ƙyallen yana dama, da layi ɗaya a gefe. A ta biyu kan sandar ya dubi dama, ƙyallen ƙasa, layi biyu. A ta uku ya dubi ƙasa, ƙyallen hagu, layi uku. Fara da layukan: huɗu ake nema, sai ka jefar da duk amsar da ta saɓa. Sa'an nan koma kan sandar: tana yin rubu'in kewaye kamar hannun agogo, saboda haka hagu za ta duba.

Tarkon yana wurin ƙyallen. Idan kewayawa ce, zai dubi sama. Wanda ya dubi ƙasa kifar da tutar aka yi, kamar hoto a madubi, kuma kome kewayawarta ba za ta koma haka ba.

Ya kamata malamai su yanka tutar kwali, ɗalibai su kewaya ta, su kife ta da hannunsu, domin gani ya kori ji.