Mai neman bazawara mai 'ya'ya, tsaya mu yi lissafi tukuna

1/ Samarin Rano da Kibiya, kwanan nan ina yawan jin "ni bazawara zan aura, ta fi hankali". Madalla. Amma in tana da yara, ra'ayina shi ne sayen alawa da biskit a wajen zance ba shi ne adalci ba. Adalcin yana farawa daga sanin me ke naka, me ke nasu.

2/ Kafin komai, idda. Takaba wata 4 ne da kwana 10, ta saki tsarki uku, mai ciki kuma sai ta haihu. A cikin takaba ba a fito da maganar aure ƙarara. A iddar sakin da ake kome kuwa matar wani ce, ko shaguɓe haramun ne. Saƙon waya ma yana ciki, malam.

3/ Ga abin da samari da yawa ba su sani ba. A mazhabar Malikiyya, uwa ce ta fi cancantar riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan miji. Amma in uwar ta auri wanda ba muharramin yaran ba, aka tare, haƙƙin riƙon yana komawa ga mahaifiyarta.

4/ Wato auren naka na iya zama sanadin rabuwarta da 'ya'yanta. Shi ya sa nake ganin rashin tausayi ne ka ce mata "kar ki damu, zan riƙe su" alhali ba ka zauna da kakarsu da dangin ubansu ba. Ba kai kaɗai ke da ta cewa ba. Ka tura manyanka a daidaita tun kafin sa rana.

5/ Yanzu inda aka fi zamewa: dukiya. Mu ƙaddara mutum ya rasu a Tarai, ya bar mata, ɗa ɗaya da 'ya ɗaya, iyayensa sun riga shi, babu bashi babu wasiyya. Ya bar gona ta naira 2,400,000. Matar tana da tumuni, wato ɗaya bisa takwas: 300,000.

6/ Sauran 2,100,000 na yara ne, namiji 1,400,000, mace 700,000. Kaso bakwai cikin takwas na gonar nan na marayu ne. Ɗayan ma na matarka ne, ba naka ba.

7/ To me ke faruwa? Ango ya tare da amarya, damina ta faɗi, ya shiga gonar da kyakkyawar niyya. Ya sa taki, ya noma masara, ya zuba a rumbu ɗaya da nasa. Shekara uku, babu wanda ya san buhun waye aka sayar aka yi rufin kwano. Bai yi niyyar ci ba, amma ya ci.

8/ Mafitar ba wuya. Ka zauna da wanda ke kula da dukiyar yaran, a yanka kuɗin haya kamar yadda za a yanka wa baƙo a unguwar, gaban shaidu biyu, a rubuta. Kuɗin yaran a ware shi, ko a saya musu awaki da sunansu. In ka ji kunyar a rubuta, to tambayi kanka dalili.

9/ Wani zai ce ai ni nake ciyar da su. Gaskiya ne, kuma lada ne babba, don ciyarwar ba wajibinka ba ce. In saki ne tana kan ubansu, in marayu ne masu dukiya ana iya ɗiba daga dukiyarsu daidai buƙata. Amma a bayyane, da sanin danginsu. Ba kai za ka biya kanka a ɓoye ba.

10/ Ka kuma sani agola ba ya gadonka. Ranar da ka faɗi, 'ya'yan cikinka za su raba, yaron da ya yi shekara goma sha biyar yana bin ka gona ya tashi hannu rabbana. In kana son sa da gaske, ka yi masa kyauta kana da rai ka damƙa masa, ko wasiyya da ba ta wuce sulusi ba.

11/ Sunan ubansa kuma a bar masa, a makaranta da takardar haihuwa, kamar yadda aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta yi umarni. Kar ka ɓata rai in ya ce zai je Rurum gaida kawunansa da sallah. Ba shi kuɗin mota.

12/ Jarrabawar gaske sai ranar da ta haifa maka naka. Dubi wa ake tasa da asuba ɗebo ruwa, wa ake aika kasuwa ranar makaranta, wa ake kira "ɗan wance" in ya fasa kofi. Yara suna ƙirga waɗannan fiye da yadda muke zato.

13/ 'Yan mata da zawarawan da ke bin zaren nan, ku ma ku gwada shi tun a zance. Ki ce masa gonar yara za a rubuta hayarta gaban baffansu, sai ki kalli fuskarsa.