Rubuta lissafin shago a waya: Sana'ar gefe da sabuwar dokar haraji ta ƙara wa daraja a Dutse

Tun ranar 1 ga Janairun 2026 sababbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025 suka fara aiki. Sun yafe haraji kan Naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara. Ga ɗan kasuwa, riba ake dubawa, ba ciniki ba, kuma wanda bai da rubutaccen lissafi doka ta ba da damar a yi masa ƙiyasi.

A nan ne ƙananan 'yan kasuwar Dutse, da masu cin kasuwar Shuwarin da ta Kiyawa, ke da rauni. Da yawansu littafin bashi kaɗai suke riƙewa. Wannan giɓi zai iya zama aikin gefe ga ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko ma'aikacin da ya iya Excel ko Google Sheets, waɗanda duk suna aiki a waya.

Yadda aikin yake

Mai shago yana rubuta cinikinsa a littafi kullum, kai kuma ka zo sau ɗaya a mako ka shigar. Shafin ciniki ginshiƙi huɗu ya ishe shi: A kwanan wata, B kayan da aka sayar, C hanyar biya, D kuɗi. A ginshiƙin C kalmomi uku kawai za a riƙa sawa: hannu, banki, bashi. Wannan umarni zai tara duk bashin da aka bayar:

```
=SUMIF(C:C,"bashi",D:D)
```

Sai a buɗe shafi na biyu don sarin kaya da kashe-kashen shago, har da abin da mai shagon ya ɗauka don gida.

Misali da shagon kayan masarufi

Mu ɗauka shago ya yi cinikin Naira 420,000 a mako: 250,000 a hannu, 120,000 ta banki, 50,000 bashi. Ya fara makon da kayan 600,000, ya saro na 300,000, da aka ƙirga a ƙarshen mako saura na 530,000, duk a farashin sari. Ke nan kayan da suka fita na 370,000 ne, ribar kuwa 50,000.

Kuɗin dako, wuta da sallamar yaron shago sun ci 18,000, saura 32,000. Amma mai shagon ya ɗauki 35,000 na cefane. Ya taɓa uwar kuɗi da 3,000 ke nan, kuma ga 50,000 a hannun masu bashi. Aljihun tebur ba zai nuna masa haka ba, domin kullum akwai kuɗi a ciki. Wannan sakamako shi ne abin da ake biyan ka dominsa.

Inda ake yin kuskure

Na farko, idan ka rubuta N5,000 da harafi a gaba, manhajar kan ɗauke shi a matsayin rubutu, ta tsallake shi wajen tarawa. Alamarsa ita ce lambar ta jingina hagu maimakon dama. Haka in ka rubuta "bashii", umarnin zai wuce shi. Shi ya sa dole jimillar hannu, banki da bashi ta yi daidai da jimillar da ke littafin mai shago.

Na biyu, biyan bashi ba sabon ciniki ba ne. In mai bashin 50,000 ya biya, aka sake shigar da kuɗin cikin ciniki, an ƙirga su sau biyu, a takarda riba ta kumbura.

Na uku, kuɗin banki a gwada su da bayanan asusun kansa, ba da hoton rasitin da mai saye ya nuna ba.

Iyakar aikin

In mai shago bai rubuta ba, ko ba ya yarda a ƙirga kaya, babu lissafin da zai fito daidai. Kuma mai shigar da bayanai ba akanta ba ne, don haka maganar nawa za a biya ta hukumar tara haraji ta jihar ce da ƙwararru.

Kafin ka fara, ku tsayar da ladan wata bisa yawan layukan da za ka shigar. Kada ka karɓi lambar sirrin asusunsa, kuma ka bar masa kwafin lissafin a wayarsa. A Dutse, inda 'yan kasuwa suka san juna, ranar da jerin masu bashin wani shago ya fita ta bakinka, ranar sauran shagunan za su rufe maka littafinsu.