Tallan da Bai Faɗi Sunansa Ba: Harshe da Amana a Bakin Ƙananan Masu Tasiri

Bahaushe ya daɗe da sanin yabon da ake biya. Idan maroƙi ya wasa attajiri a gidan biki, kowa ya san akwai abin da zai shiga aljihunsa, kamar yadda matan kulle suka san dillaliya tana da la'ada a kan zanen da take kuzantawa. Sana'ar da kanta ke sanar da mai sauraro yadda zai auna maganar. Ƙaramin mai tasiri a kafafen sada zumunta, wato wanda mabiyansa suke tsakanin 10,000 da 100,000, ba shi da wannan alama. Jarinsa shi ne ana jin maganarsa tamkar ta aboki ko maƙwabciya. Saboda haka wajibi ne ya furta cewa an biya shi, kuma ya furta da Hausa.

A ɗauki misalin mai haɗa turaren wuta a Kano, wadda ta nemi wata mai mabiya 20,000 a Instagram ta yi mata bidiyo na daƙiƙa 30. Aikin yana farawa da takardar bayani, kuma shafi ɗaya ya isa. A ciki za a ambaci kayan da farashinsu, da saƙo guda da ake son ya isa, da ranar ɗorawa, da kuɗin aiki, da tsawon lokacin da mai kaya za ta iya sake amfani da bidiyon. Sashen da ya fi muhimmanci shi ne na abin da ba za a faɗa ba. Turare ƙamshi yake yi. Da zarar an ce yana maganin ciwon kai, an shiga da'awar lafiya, wadda take hurumin hukumar NAFDAC. Haka nan dokar da ta kafa hukumar ARCON a 2022 ta sa tantance talla kafin fitarwa ya shafi na intanet, don haka takardar ta fayyace wanda zai ɗauki wannan nauyi.

A nan ne batun harshe ya shigo. Abin da aka saba gani shi ne a liƙa #ad a ƙarshen jerin alamomi, ko a dogara da tambarin Paid partnership da manhajar ke nunawa. Mai kallon da ya zo sauraron Hausa ba lallai ne ya karanta waɗannan ba, kuma idan aka tura bidiyon ta WhatsApp, rubutun da ke ƙarƙashinsa ba ya biyo shi. Jagorar da hukumar FTC ta Amurka ta fitar a 2019 ta nemi sanarwar ta kasance cikin harshen da aka yi yabon, kuma a cikin bidiyon kansa. Dokar wata ƙasa ce, amma hujjarta ta dace da Kano.

Hausar ma tana da kalmomin ɓuya. “An turo mini” ba ta bayyana wanda ya turo ko dalilinsa ba, domin wakilin suna “an” aikinsa ke nan, ya sakaya mai aikatawa. “Tsaraba” tana mayar da ciniki zumunci. “Hajiyarmu ta gwangwaje ni” godiya ce a fuska, talla ce a ciki. Kalmar da ba ta da kwana ita ce “talla”, kuma wurinta jimlar farko. Ga yadda rubutun zai iya kasancewa:

“Wannan talla ce, an biya ni kuma an ba ni turaren kyauta. Na yi mako guda ina turara ɗakina da shi. Ƙamshin sandal ne ya fi fitowa, kuma yana kama labule har washegari. Hayaƙinsa yana da ɗan yawa, sai a rage garwashi. Mai so ta duba lambar da ke ƙasa.”

Mai kaya ce ke da bayanan, amma lafazin na mai magana ne. Idan aka tilasta mata haddace jimlolin da ba nata ba, mabiya suna ganewa daga yadda karin harshenta ya sauya. Sharaɗin kawai shi ne ta yi amfani da turaren da gaske, kuma a bar mata ambaton hayaƙin.

’Yan kasuwa suna ƙorafin cewa furta “talla” yana rage ciniki, kuma mai yiwuwa wasu masu kallo su wuce. Sai dai abin da mai kaya ta saya tun farko shi ne amanar mabiya 20,000, kuma ranar da suka gano an biya ba a faɗa musu ba, za su soma tuhumar duk yabon da ya gabata, har da na gaskiya. Dillaliya ba ta rasa masu saye don an san la'adarta ba. Tana rasa su ne ranar da zanen da ta rantse ba ya zuba ya zuba.