RA'AYINMU: Ɓoye sunan wifi da tantance lambar MAC labule ne, ba ƙofa ba

Tun daga shekarar 2025 da Starlink ya fara aiki a hukumance a Nijar, akwatunan wifi suka ƙara yawa a garuruwan da ke kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, daga Gidan Rumji da Tibiri zuwa Cadawa, Agiye da Gazawa. Dillalin aya da wake yana jin farashi ta WhatsApp, mai sayar da atamfa tana aika wa abokan ciniki hotunan kaya, mai cajin waya kuma ya haɗa da sayar da tikitin wifi. Duk wanda ya sayi akwatin, damuwarsa ɗaya ce: kada maƙwabta da yaran kasuwa su sha masa abin da ya biya da guminsa. Maganin da masu haɗa akwatin suka fi ba shi kuwa biyu ne. Za a ɓoye sunan akwatin, sannan a yi rajistar wayoyin da aka yarda su shiga, abin da allo ke nunawa da sunan Filtrage MAC.

Wannan jarida tana ganin lokaci ya yi da za a faɗa wa ƴan kasuwa gaskiya. Waɗannan dabaru biyu suna kore mai leƙe, amma ba sa tsayar da wanda ya zo da niyya.

Mu fara da lambar MAC ɗin kanta, domin mutane da yawa suna zaton lambar layi ce. Ba ita ba ce. Lamba ce mai haruffa da alƙaluma 12 da kowace waya ko kwamfuta take gabatar da kanta da ita idan za ta yi magana da akwatin wifi, kamar haka: DA:A1:19:4C:02:7E. Mai akwati yana rubuta lambobin wayoyin gidansa a cikin jerin sunaye, akwatin kuma ya ƙi duk lambar da ba ta ciki. A ido abin ya yi kyau, kamar mai gadi da takardar sunaye a hannu.

Matsalar ita ce wifi rediyo ne. Duk saƙon da waya ta aika yana tafiya a iska, kuma a kansa an rubuta daga wa ya fito, wa zai je. Ko da akwatin yana da kalmar sirri, abin da ake rufewa shi ne cikin saƙon. Lambar MAC tana nan a fili, kamar sunan da ake rubutawa a bayan buhu kafin a ɗora shi a mota, domin in an rufe ta, akwatin ma ba zai san mai magana da shi ba. Saboda haka wanda ya zauna a inuwar rumfar da ke kusa, da kwamfuta da ɗan abin kama wifi da ake cusa mata, zai ga lambobin duk wayoyin da akwatin ya amince da su. Manhajojin da ke yin haka kyauta ne, kuma sun fi shekara 20 a duniya. Abu na biyu, lambar ba tambarin ƙarfe ba ce. Kwamfuta tana iya sauya tata cikin minti guda. Mai gadin nan namu ba ya duba fuska, suna kawai yake tambaya, alhali masu shiga suna faɗin sunayensu da ƙarfi kowa na ji.

A ɗauki misali. Wata Hajiya mai shagon kayan miya a Cadawa ta sayi akwati. Mai haɗawa ya ce mata ba ta buƙatar wahalar kalmar sirri, ya yi rajistar wayoyi uku, tata da ta ɗanta da ta yarinyar shago, ya ɓoye sunan, ya karɓi ladansa ya tafi. Da safe ɗan ya iso shago, wayarsa ta haɗu da akwatin. A wannan daƙiƙar wayar ta ambaci sunan da aka ɓoye, ta kuma nuna lambarta, mai sauraro ya samu duka biyun. Da azahar yaron ya tafi kai kaya tasha. Sai mai sauraron ya saka wa kwamfutarsa lambar yaron, ya rubuta sunan akwatin, ya shiga. In Hajiya ta duba jerin waɗanda ke kan akwatin, wayoyi uku za ta gani, duka nata. Ba abin da zai nuna mata baƙo, sai dai ta tuna cewa ɗanta yana tasha. In kuma yaron ya dawo baƙon bai sauka ba, na'urori biyu masu lamba ɗaya za su riƙa ture juna, intanet ya riƙa yankewa yana dawowa a wayar yaron kaɗai, sauran kuma lafiya lau. Wannan ita ce alamar, sai kuma forfe da ke ƙarewa kafin lokacinsa. Da yawa za su ɗora laifin a kan rezo.

Asarar ba ta tsaya ga forfe ba. Wanda ya shiga yana iya buɗe shafin sarrafa akwatin, wanda galibi ake samu a 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, kuma a akwatuna da yawa kalmar shiga shafin tana nan yadda kamfani ya saka ta, wato admin. Daga nan sai ya rubuta tasa lambar a jerin, ko ma ya cire ta mai akwatin. In akwai kyamarar tsaro ko kwamfutar lissafin shago a kan wannan wifi, ya zama maƙwabcinsu na ɗaki ɗaya. Manhajojin tura kuɗi da WhatsApp suna da nasu rufin, ba mu ce za a kwashe kuɗin kowa nan take ba, amma ba mai hankalin da zai bar baƙo ya kwana a shago don kawai akwatin kuɗi a kulle yake.

Ɓoye suna ma haka abin yake, ko ma ya fi rauni. Akwatin wifi yana shelar kansa kusan sau 10 a kowace daƙiƙa. Idan an ɓoye sunan, wanda allo ke kira SSID, shelar ba ta tsayawa, gurbin sunan kawai ake bari babu komai, shi ya sa wasu na'urori ke nuna cewa akwai ɓoyayyen wifi a kusa. Sunan kuma dole ya fito duk lokacin da wata waya za ta haɗu. Har ma akwai ƙarin illa: tunda akwatin ya daina faɗin sunansa, nauyin ya koma kan waya. Ita ce za ta riƙa kiran sunan tana neman sa, a kasuwar Gazawa, a tashar Maraɗi, ko ina mai ita ya je. An rufe bakin akwati ɗaya, an buɗe na wayoyi uku. Kamfanin Apple da kansa, a shawarwarin da yake ba masu akwatin wifi, ya ce kada a ɓoye suna kuma kada a dogara da tantance MAC.

Adalci shi ne a faɗi ɗan amfanin da ke akwai. Idan akwati yana da kalmar sirri, wani yaro ya samo ta daga abokinsa, tantance MAC zai iya tsayar da shi, domin wayar da ba a taɓa cikinta ba ba ta barin mai ita ya zaɓi lambar da ya ga dama. Iyakar amfanin ke nan, kuma kuɗinsa wahala ce. Daga Android 10 na 2019 da iOS 14 na 2020, wayoyi suna ƙirƙiro wa kansu lambar aro ga kowane wifi, don kada a riƙa bin sawun mai su. Ana gane ta idan harafi na biyu ya kasance 2, 6, A ko E, kamar misalin da muka kawo a sama. Lambar aron tana iya sauyawa, misali idan an mayar da waya sabuwa, sai mai akwati ya wayi gari akwatinsa ya ƙi shi, a sake kiran mai gyara, a sake biya.

Masu sayar da tikitin wifi su ne suka fi shiga haɗari. Wifinsu a buɗe yake, ba kalmar sirri, kuma da zarar mutum ya rubuta lambar tikiti, na'urar tana gane shi ne da lambar MAC ɗinsa. Wanda ya ari wannan lamba ya hau kan tikitin wani. Mai saye zai zo yana faɗa cewa an cuce shi, mai sayarwa kuma ya duba ya ga komai daidai. Ba a kawar da wannan gaba ɗaya a buɗaɗɗen wifi, amma ana rage shi: tikiti ɗaya na'ura ɗaya, gajeren wa'adi, a sa akwatin ya hana wayoyin masu saye ganin juna, sannan a raba wifin ciniki da wanda mai shago ke aikinsa da shi.

Abin da ke kullewa da gaske shi ne rufin da ake kira WPA2, wanda ya fito a 2004, ko WPA3 na 2018 idan akwati da wayoyi suna da shi. A nan ba suna ake tambaya ba, dole waya ta tabbatar ta san kalmar sirri ba tare da ta faɗe ta a iska ba. Tsohon rufin WEP kuwa tun 2001 masana suka nuna yadda ake fasa shi, duk akwatin da ba shi da wani sai shi, ya gama aiki.

Sai dai WPA2 ƙarfinsa ƙarfin kalmar da aka zaɓa ne, kuma a nan ne mutanenmu ke faɗuwa. Mafi ƙarancin abin da yake karɓa haruffa 8 ne, lambar waya a Nijar kuma alƙaluma 8 ce cif, sai kowa ya saka lambarsa, wadda ke rubuce da fenti a ƙofar shago. Ko ba a rubuce take ba, alƙaluma 8 ba su wuce zato miliyan 100 ba, kwamfuta mai ƙarfi tana gwada su duka cikin abin da bai kai awa ɗaya ba, kuma ba sai tana kusa da akwatin ba, muddin an ɗauki gaisuwar farko da waya ta yi da shi. WPA2 yana karɓar haruffa har 63. Kalmomi huɗu ko biyar na Hausa da ba su da alaƙa da juna, a haɗa da alƙaluma, sun fi sauƙin tunawa kuma sun fi ƙarfin mai zato. A kashe WPS, domin tun Disamba 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa lambarsa mai alƙaluma 8 ba ta wuce gwaji 11,000 ba. A sauya admin ɗin nan.

Kalmar sirri kuma ba ta dawwama a kasuwa. Wayar Android tana nuna ta da ɗan hoton QR, wanda aka ba yau zai iya ba mutum goma kafin la'asar. Ranar da yaron shago ya bar aiki, ko aka ga baƙuwar waya a jerin, a sauya ta. Masu saye da ƴan uwa kuma a buɗe musu wifin baƙi mai tasa kalmar daban, akwatuna da yawa suna da shi.

Muna kira ga ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na mata masu sana'a a Agiye, Gazawa da Gidan Rumji da su sanar da mambobinsu abin da za su nema kafin su sallami mai haɗa akwati. Ya nuna musu a allo inda aka rubuta WPA2 ko WPA3, ya nuna WPS a kashe, sannan ya miƙa musu wayar su rubuta kalmomin sirri biyun da hannunsu, ta wifi da ta shafin sarrafawa, yana kallon wani gefe.