Wasiƙa Zuwa Ga Masu Sayen Talla A Intanet: A Ware Wasu, A Hana Su Gani

Wannan wasiƙa ta masu sana'ar saye da sarrafa talla a intanet ce, waɗanda 'yan kasuwa ke damƙa wa kuɗinsu a kai Google ko Facebook, a ƙarshen wata kuma su dawo da rahoto.

Rahoton kusan kullum daɗin karantawa gare shi: an kashe kaza, talla ta kawo ciniki kaza. Sai dai dandalin da ya karɓi kuɗin shi ne ya yi ƙidayar, kuma ƙa'idarsa ita ce duk wanda ya latsa talla, ko ma ya gan ta, sannan ya saya cikin 'yan kwanaki, an rubuta shi a asusun tallar. Ba ya tambayar ko mutumin dama zai saya. Ɗan kamasho ne a tasha yake cin la'ada a kan fasinjan da ya fito daga gida da jakarsa, ya san motar da zai shiga.

Kamfanin eBay ya gwada wannan da kuɗinsa a shekarar 2012. Masana tattalin arziki uku, Tom Blake da Chris Nosko da Steven Tadelis, suka fara da tallar da ke fitowa idan mutum ya rubuta sunan eBay a injin bincike. Aka dakatar da ita a Yahoo da MSN, aka bar ta a Google domin a samu abin kwatantawa. Kusan duk masu shigowa ta tallar, kashi 99.5 cikin ɗari, suka ci gaba da shigowa ta mahaɗin kyauta da ke ƙasa da ita. Wanda ya rubuta sunan kanti da hannunsa ya riga ya kama hanyar kantin.

Daga nan suka taɓa babbar tallar, ta sunayen kaya irin su takalmi da waya. An raba Amurka yankunan talla 210, sai aka kashe tallar a kusan kashi 30 cikin ɗari na yankunan har kwana 60, aka bar ta a sauran. Lissafin da aka saba yi, na duba inda kashe kuɗi da ciniki suke tashi tare, ya nuna riba sama da kashi 4,000 cikin ɗari. Gwajin kuwa ya nuna asarar kashi 63 cikin ɗari. Dalilin bai ɓuya ba. Tallar tana tasiri a kan sababbi da waɗanda ba su cika saye ba, amma yawancin latsawar da ake biya wa kuɗi daga tsofaffin abokan ciniki take, masu saye da talla ko ba talla. An buga binciken a mujallar Econometrica a 2015.

Kuskure ne mai sana'a ya ɗauki wannan ya ce talla ba ta aiki. Sunan eBay sananne ne, kuma ƙaramin kantin da ba a san shi ba yana iya samun akasin haka. Abin ɗauka shi ne hanyar: a ware wasu mutane ta ƙuri'a, a hana su ganin talla, a kwatanta cinikinsu da na sauran.

Ga misali na ƙirƙira, don a ga yadda lissafin ke tafiya. Mai sayar da atamfa da leshi yana da lambobin abokan ciniki 100,000. Kafin a saki talla, kwamfuta ta zaɓi 10,000 ta ƙuri'a, aka cire su daga jerin da za a ɗora a dandali. Sauran 90,000 aka kai musu talla ta naira miliyan 2.7 har mako biyu. Dandali ya ce ta kawo ciniki 900, wato naira 3,000 a kan kowane ciniki, kuma tunda ribar kowanne naira 6,000 ce, mai kaya ya ji daɗi.

Sai a buɗe littafin ciniki na kantin. A cikin 10,000 da aka ware, mutum 200 sun saya, wato biyu cikin ɗari. Ke nan da ba a yi talla ba, 90,000 ɗin ma da 1,800 sun saya. Waɗanda suka saya a cikinsu 2,070 ne. Abin da talla ta ƙara 270 ne, kuma kowanne ya ci naira 10,000. A kan ribar naira 6,000, wannan asara ce, alhali rahoton dandali yana nuna ninki biyu.

A nan ne mai gaskiya a sana'a yake ƙara tsayawa, domin 270 ɗin ma ba tabbas ba ne. Da ƙuri'a ta faɗa kan wasu mutane 10,000 daban, masu sayen suna iya zama 180 ko 220 ba tare da wani dalili ba, kuma duk kuskuren da ke cikin wannan adadi ana ninka shi sau tara. Idan aka lissafa, ƙarin na gaskiya yana iya kasancewa daga kusan sifiri zuwa sama da 500. Abin da gwajin ya tabbatar shi ne 900 ba gaskiya ba ce. Ko akwai ɗan riba, bai yanke ba tukuna. Maganin shi ne a faɗaɗa rukunin da aka ware, ko da rabi da rabi ne, ko a tsawaita kwanaki. Randall Lewis da Justin Rao, da suka duba manyan gwaje-gwaje 25 a wani binciken 2015, sun nuna cewa ko da miliyoyin mutane, auna ribar talla daidai yana da wuya, saboda cinikin mutane yana hawa da sauka fiye da ɗan abin da talla ke ƙarawa.

Gwaji yakan lalace tun daga rabo. Wani zai ware waɗanda suka daɗe ba su saya ba, don kada ya yi asarar manyan abokan ciniki, sai tallar ta fito kamar mai abin al'ajabi. Ana gane wannan da duba cinikin rukunonin biyu a watannin da suka gabata: idan ba su yi kusan daidai ba tun kafin talla, rabon bai yi ba. Wani kuma zai kwatanta waɗanda suka ga talla kaɗai da rukunin da aka ware. Dandali yana zaɓar wa talla waɗanda ya fi zaton za su saya, don haka dole a ƙirga duka 90,000, wanda ya gani da wanda bai gani ba. Haka nan kwatanta watan talla da watan da ya wuce ba gwaji ba ne; mai atamfa da ya saki talla ana saura mako biyu Sallah zai ga ciniki ya tashi ko da bai kashe kwabo ba.

Inda ciniki yake ƙarewa a WhatsApp da tura kuɗi ta banki, dandali ba ya ganin yawancinsa, shi ya sa littafin kanti ne alƙali, a haɗa shi da lambar waya. Meta da Google suna da nasu tsarin mai suna Conversion Lift, wanda ke ware rukuni da kansa, kuma yana da amfani ga wanda cinikinsa ke kammaluwa a shafinsa. Idan babu jerin lambobi, sai a raba garuruwa kamar yadda eBay ya yi, amma gari biyu kacal, Kano da Kaduna misali, ba su isa ba, domin ruwan sama ko rufe kasuwa a ɗaya ya isa ya juya sakamako.

Roƙon wannan wasiƙa ga masu sana'ar shi ne su sa rukunin da za a ware a cikin yarjejeniya tun kafin su karɓi kuɗin mai kaya, su rubuta kwanakin gwaji da abin da za a ƙirga, kada su canza bayan sun leƙa sakamako. Su fara da tallar sunan kamfani da tallar da ke bin waɗanda suka riga suka ziyarci shafi, don nan ne dandali ya fi rubuta wa kansa cinikin da dama zai zo.